Hoton Kanta Ba Ƙidaya Ba Ne

Bayan sallar isha'i, a wani shagon tireda da ke bakin titi cikin garin Daura, yaron shago ya gama sallamar mai sayen sabulu ke nan sai wayarsa ta yi ƙara. Maigidansa ne, wanda aiki ya zaunar da shi a Katsina, ba ya leƙo gida sai ƙarshen mako.

"Kai, ɗauki hoton shagon nan kaf ka turo min, ina son in san abin da ya rage."

"To, Alhaji, yanzu kuwa."

Yaro ya ja da baya har bakin ƙofa, ya kunna fitilar waya, ya ɗauki hoto biyar ya tura ta WhatsApp. Can kuma Alhaji ya miƙa wa ɗansa mai karatu, ya ce ya zauna ya mayar masa da hotunan nan jadawali a Excel, kowane kaya da yawansa da kuɗinsa. Kafin sha biyun dare an gama. Jadawali ya fito tsaf, layi bisa layi, da jimlar kuɗi a ƙasa. Bayan wata guda Alhaji ya zo da kansa aka ƙirga kaya da hannu, lissafi ya ƙi haɗuwa, sai ido ya koma kan yaro.

Wannan ɗabi'a ta yi yawa a ƙasar Daura, daga cikin birni har Mai'adua, Zango, Sandamu da Ɓaure, tun da waya mai kyamara ta shiga hannun kowa. Ba na ƙin ta. Hoto na da amfani ƙwarai wajen ƙidayar kaya, kuma mai shagon da ke son rubutaccen lissafi ya fi wanda ke tafiya da ƙiyasi. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake ɗaukar jadawalin da aka ciro daga hoto kamar hukuncin alƙali, alhali ba a yi masa aikin da zai sa ya zama gaskiya ba. A kan irin wannan jadawali an kori yara daga aiki, an ɓata zumunci tsakanin wa da ƙane. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle a ce lissafin ne ya karkace tun daga tushe.

1. Abin da kyamara ke gani

Kyamara fuskar kanta kawai take gani. Layin gaba take nunawa, ba ta san abin da ke bayansa ba, ba ta kuma san abin da ke cikin kwali ba.

Mu ɗauki taliya 'yar leda mai giram 500, irin ta Golden Penny, wadda katan ɗinta ke zuwa da guda 20. A hoton da yaro ya turo ana ganin leda tara jere a gaba, ga kuma katan uku a saman kanta. Mai shigar da lissafi ya san faɗin kantar na cin layi huɗu, sai ya ce tara sau huɗu 36, katan uku kuma 60, ya rubuta 96. Lissafinsa bai yi kuskure ba. Amma da za a miƙa hannu, layin can baya huɗu ne kacal a cikinsa, domin an cike gaba da na baya don kanta ta yi kyan gani, wato 31 ne a kanta. Katan na uku kuwa fanko ne. Duk mai tireda ya san ana jera fankon kwali a sama don shago ya cika ido, kada mai saye ya ce kasuwa ta ja baya. Gaskiyar taliyar shagon ita ce katan biyu da guda 31, wato 71.

Bambancin guda 25 ne. In muka ƙaddara katan ya iso Daura a kan naira 18,400, kowace leda ta tsaya a kan 920, to an rubuta wa shagon dukiyar naira 23,000 da babu ita ko a jiya ko a yau. A kan kaya ɗaya ke nan. Shagon da ke da kaya iri ɗari da hamsin, in goma kawai suka samu irin wannan kuskure, ranar ƙidayar gaskiya giɓin zai kai abin da yaron ba ya samu a wata da watanni. Shi kuma ba shi da bakin kare kansa, tunda ga hoto ga jadawali.

Akwai kuma kishiyar wannan. Kayan da ke ƙarƙashin tebur, da na cikin firji, da buhunan da ke ɗakin ajiya a baya, da ledojin madara da na omo da ke rataye ɗaya ya rufe ɗaya, duk ba sa fitowa daidai. Su kuma sai a rubuta ƙasa da abin da ke akwai. Kuskuren biyu ba sa goge juna, domin kayan da aka ƙara wa da waɗanda aka rage wa ba kuɗinsu ɗaya ba. Manhajojin waya masu karanta rubutu a jikin hoto, irin su Google Lens, suna iya taimakawa wajen gane suna da giram a jikin leda, amma su ma layin gaban nan suke gani kamar kowa.

2. Aikin da ke gaban ɗaukar hoto

Yawancin aikin ana yin sa ne kafin a ɗaga waya. Da farko a zaɓi lokacin da ba a ciniki. Sassafe ya fi, bayan rana ta fito kafin a buɗe wa jama'a, domin akwai haske kuma kaya ba sa motsi. In ana ɗauka ana sayarwa, hoton farko da na ƙarshe ba shago ɗaya suke nunawa ba. Fitilar waya da dare kuwa tana bugun leda da gwangwani ta yi ƙyalli ta cinye rubutun. A goge gilashin kyamara, musamman da hunturu da ƙura ke shiga ko'ina, kuma mai ɗauka ya ba ƙofa baya don haske ya faɗa kan kaya.

Sai a raɗa wa kowace kanta suna. A yanka kwali ƙanana a rubuta A1, A2, A3 daga sama zuwa ƙasa a bangon dama, B1, B2 a bangon tsakiya, haka har a zagaye, a manna kowanne a bakin kantarsa. Hoto ɗaya, kanta ɗaya, a tsaye daidai da ita, lambar na fitowa a ciki. In kanta ta yi tsawo, a raba ta biyu da wata alama da ido zai gani, ko da tsinken tsintsiya ne. Dalili shi ne hotuna biyu da ke maƙwabtaka kan ɗauko kaya ɗaya a gefensu, wanda ke zaune a Katsina kuma ba shi da hanyar sanin cewa gwangwanin tumatir shida da ke ƙarshen wannan hoto su ne a farkon wancan. Sai ya ƙirga su sau biyu.

Abin da ya fi duka muhimmanci shi ne 'yar takarda. Yayin da ake jera kaya, mai jerawa ya ƙirga da hannunsa, ya rubuta adadin a 'yar takarda ya jingina a gaban kayan, kamar "31". Katan da aka buɗe a rubuta abin da ya rage a jikinsa da alƙalami mai kauri. Fanko a sauke shi ƙasa har a gama. Da haka hoton zai ɗauko abu biyu a lokaci guda, kayan da kuma adadin da wanda ya taɓa su ya shaida. Mai duba hoto daga nesa ya daina ƙiyasi, aikinsa ya koma kwafewa da kuma lura ko adadin ya yi kama da abin da ido ke gani. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, in an rubuta 60 a gaban abin da bai fi tafin hannu biyu ba, zai tambaya.

Wani zai ce in dai sai an ƙirga da hannu, mene ne amfanin hoton? Amfaninsa babba ne. Yana riƙe rana da sa'a. Yana nuna girman kaya, wanda littafi kan manta, domin Indomie ƙarama da babba a rubuce suna ɗaya ne, a kuɗi kuwa ba haka ba. Yana kuma ba mutum biyu damar komawa su duba abu ɗaya bayan wata uku ba tare da rantse-rantse ba. Sai dai wajen turawa a kula, WhatsApp na matse hoto har ƙananan rubutu su dusashe. A tura shi ta Document don ya isa yadda aka ɗauke shi.

3. Ma'auni

A nan yawancin jadawalin da nake gani ke lalacewa. Za ka tarar an rubuta "Maggi, 7". Bakwai ɗin me? Katan ne, ko fakiti mai ƙwaya 100, ko ƙwaya? Mai shago na saro kaya da katan da buhu da dozin a Kasuwar Singa ta Kano, yana sayarwa da guda da ƙulli da gwangwani a Daura. Dole jadawali ya iya magana da harshen biyu, kuma hanyar ita ce a tsayar wa kowane kaya ma'auni ɗaya, mafi ƙanƙantar abin da ake miƙa wa mai saye, a mayar da komai zuwa gare shi.

Ga tsarin da ya ishi ƙaramin shago, ko a Excel ko a Google Sheets, duka suna aiki a waya. Layin tsaye na A lambar kanta, B sunan kaya tare da girmansa, C ma'auni, D yawan katan da ba a buɗe ba, E guda nawa ke cikin katan, F na warware, G jimlar guda, H kuɗin sarin katan, I kuɗin sarin guda, J darajar abin da ke shago, K farashin sayarwa, L ranar da aka samo farashin. Uku daga ciki ba a rubuta su da hannu, na'ura ke fitar da su:

```
G2: =D2*E2+F2
I2: =H2/E2
J2: =G2*I2
```

Taliyarmu ta ɗazu za ta shiga haka: D shi ne 2, E shi ne 20, F shi ne 31, sai G ya ba da 71. H shi ne 18400, sai I ya ba da 920, J kuma 65,320. A ja waɗannan uku zuwa ƙasa su bi sauran layuka, a can ƙarshe, ƙasa da layi na 200, a tara J da `=SUM(J2:J200)`.

A gidan lamba, lamba kaɗai ake sawa. In aka rubuta "katan 2" ko "18k", na'ura na ɗaukarsa rubutu ne. Alamar gane shi mai sauƙi ce, lamba kan jingina ta dama a gidanta, rubutu kuma ta hagu. In irin wannan gida ya shiga cikin ninkawa ko rabawa, za a ga `#VALUE!` ya fito, wannan ma da sauƙi tunda ya tona kansa. Mai haɗarin shi ne SUM, wanda ke tsallake rubutu shiru ya ba da jimla gajera ba tare da ya ce uffan ba. Haka kuma kaya ɗaya suna ɗaya, layi ɗaya. In taliya na kanta A2 kuma tana ɗakin ajiya, a haɗa su a layi guda a rubuta lambobin wurin biyu a gidan A. Kada yau a kira ta taliya, gobe supageti, ta zama kaya biyu.

Kayan awo su ne hoto bai da ta cewa a kansu sam. Buhun sukarin Dangote mai kilo 50 in an farke bakinsa, ba wanda zai kalli hoto ya faɗi abin da ya rage, sai sikeli ko a sake aunawa. Kuma akwai lambar da kowane mai shago ya kamata ya samo da hannunsa sau ɗaya, wato kwano nawa buhu ke bayarwa da nasa kwanon da nasa irin tozon. Kada a ari ta maƙwabci. A ce buhu ya iso a kan 81,000. Mai shago na jin ana cewa buhu kwano ashirin ne, sai ya lissafa kowane kwano 4,050, ya sayar 4,400 yana ganin ya ci 350. Da ya auna sai ya tarar kwano 18 yake samu, domin hannunsa na cika awo. Kowane kwano ke nan 4,500 ya tsaya masa, yana faɗuwa da naira ɗari a kan duk wanda ya sayar, ga kuɗin leda. Irin wannan asara ba ɓarawo ke kawo ta ba, kuma in gidan E ya ɗauki 20 maimakon 18, jadawali zai ci gaba da nuna riba har jari ya ƙare.

4. Wane farashi?

Hoto ba ya nuna farashi, tunda a shagunanmu ba a cika manna kuɗi a jikin kaya ba, yana cikin kan mai shago. Kuɗin sari daga rasit ake ɗauko shi, ko daga littafin sari, ko daga saƙon banki na ranar da aka biya. Sannan a ɗora masa kuɗin da ya kawo shi, wato dako a Singa, motar da ta biyo ta Ɗambatta da Kazaure, da mai kurar da ya sauke a ƙofar shago. Katan ɗin taliyar nan 18,000 aka saya, 400 kuɗin hanya ne. Wanda ya manta da ɗari huɗun nan ya yi wa kansa ƙaryar naira 20 a kowace leda.

Ina ganin gidan L, na rana, ya fi muhimmanci a Daura fiye da wurare da yawa. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota da na kaya ba su zauna wuri ɗaya ba. Ga mu kuma a bakin iyaka. An rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta Nijar a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Yamai, sai a Maris 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. Duk wanda ke ciniki tsakanin Kongolam da Mai'adua ya ga yadda kaya ɗaya ke canza kuɗi cikin mako. Farashin da ba rana a gefensa ba a san ko na yaushe ba ne. In kuma an saro wani abu da sefa, a mayar da shi naira da canjin ranar da aka biya, a rubuta canjin a gefe. A tabbatar ma da wane lissafi aka faɗi kuɗin, domin 'yan'uwanmu na Nijar da dala suke ƙirga, dala ɗaya kuwa sefa biyar ce.

Idan katan biyu na kanta an saye su a farashi daban, wanne za a rubuta? Ra'ayina shi ne a bi na sarin ƙarshe wajen yanka farashin sayarwa, domin da shi za a koma kasuwa. Wanda ya sayar a kan tsohon sari lokacin da kaya ke hawa zai ga kuɗi a aljihu, ya je Kano ya kasa mayar da katan ɗin da ya fitar. Lokacin da kaya ke sauka kuma, jadawalin da ke riƙe da tsohon farashi zai kumbura darajar shagon, mai shi ya ɗauka yana da abin da ba shi da shi.

5. Kafin a kira yaro a tambaye shi

Jadawali ɗaya ba ya nuna ɓata. Sai an yi na biyu, a sa lissafin tsakani. Abin da ke nan a farko, a haɗa da abin da aka saro, a cire abin da ke nan yanzu, shi ne abin da ya fita. Taliya 71 ce a farkon wata, an ƙaro katan biyu wato 40, yau an ƙirga 38. Guda 73 suka fita. Littafin ciniki ya nuna an sayar da 62. Saura 11, kuma a nan ne zuciya ke fara raya wa mutum abubuwa.

A buɗe littafin bashi tukuna. Shida na wurin maƙwabta da za su biya ƙarshen wata. Biyar ɗin da suka rage kuwa, sau biyu aka aiko yarinya daga gidan Alhaji da kansa a karɓo na abincin dare, yaron shago kuma ba zai iya ce wa 'yar maigida ta tsaya ya rubuta ba. Lissafi ya cika, 73 daidai. Ina roƙon masu shaguna su ware shafi guda na kayan da gida ke ɗauka, su kuma faɗa wa iyalinsu da bakinsu cewa ko ƙwayar Maggi ce sai an rubuta. Umarnin daga maigida ya kamata ya fito, don kada nauyin ya faɗa kan yaron da ba shi da ikon hanawa.

Akwai kuma kayan da ke kanta amma ba na shago ba ne, kamar burodin da mai gidan burodi ke ajiyewa a sayar a ba shi kuɗinsa, ko ƙullin gyaɗa da alewar da wata baiwar Allah ta aiko daga cikin gida. Su fito a hoto ba laifi, amma kada su shiga jimlar jari. Wanda ya lalace ko kwanansa ya ƙare shi ma a ware masa layinsa, a ɗauki hoton kwanan watan da ke jikinsa.

Kafin a amince da kowane jadawali, a zaɓi layi goma mafi tsada a gidan J, maigida ko wakilinsa ya ƙirga su da hannu, yaron na tsaye a wurin. In tara ko goma sun dace, sauran ma ana iya dogara da su. In uku ko huɗu sun saɓa, ba a gyara su kaɗai a wuce, alama ce cewa hanyar ƙidayar ce ke da matsala, sai a sake daga kanta A1.

Ba kullum za a yi wannan aiki gaba ɗaya ba. Kaya ashirin da suka fi fita, irin su sukari, man girki, taliya, madara da sabulu, a bi su duk mako, abin da ba zai ci sa'a guda ba in lambobin kanta na nan a manne. Cikakkiyar ƙidaya kuwa a yi ta kafin babban sarin azumi, a sake bayan sallah, sannan a ranar da shekarar zakkar mai shago ke cika. A ranar nan ɗan kasuwa mai juya kaya kullum yana kimanta hajarsa ne da farashin kasuwa na lokacin, ya haɗa da kuɗin hannu da bashin da yake sa ran za a biya, ya fitar da ɗaya cikin arba'in in dukiyar ta kai nisabi. Don haka a sabunta farashi da gidan rana kafin a tara jimla, sauran bayanin hukuncin kuma a kai wa malami tare da jadawalin a hannu.